Akala Biyu a Wuyan Raƙumi Ɗaya: Abin da Na Koya Game da Baitulmali da Babban Banki

Na fito daga jami'a ina iya rera bambancin manufar kasafi da manufar kuɗi kamar karatun da aka haddace tun ƙuruciya. Manufar kasafi ta gwamnati ce, kayan aikinta haraji da kashe kuɗi da cin bashi. Manufar kuɗi ta babban banki ce, kayan aikinta kuɗin ruwa da yawan kuɗin da ke yawo a hannun bankuna. Da wannan hadda na ci jarrabawa, da ita kuma na sami aiki a sashen bincike na wata cibiyar hada-hadar kuɗi, inda aka ɗora mini rubuta taƙaitaccen rahoto a ƙarshen kowane mako a kan abin da ya faru a manyan kasuwannin duniya. Ban gane cewa haddar rabin ilimi ce ba sai a watan Satumbar 2022, lokacin da al'amarin Birtaniya ya faɗo a kan teburina, na rubuta abin da kowace jimlarsa daidai ce idan aka ware ta ita kaɗai, amma rahoton gaba ɗayansa ya kauce hanya.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in faɗi yadda aka raba ikon, domin duk abin da ya biyo baya a kan wannan rabon ya ginu. A ɓangaren kasafi, ministan kuɗi ne yake tsara abin da za a karɓa na haraji da abin da za a kashe, amma a ƙasashen da ke bin tsarin wakilci ba shi da ikon ƙarshe, sai majalisar dokoki ta amince. Dalilin a fili yake: haraji karɓar dukiyar mutum ne da ƙarfin doka, kashe kuɗin gwamnati kuma zaɓi ne tsakanin masu buƙata, wato a gina hanya ko a ƙara wa ma'aikatan jinya albashi, a sauƙaƙa wa kamfanoni ko a tallafa wa marasa aikin yi. Irin wannan zaɓi ba a miƙa shi ga wanda jama'a ba za su iya cirewa da ƙuri'a ba. Idan abin da aka kashe ya zarce abin da aka tara, giɓin da ya rage da bashi ake cike shi, ta hanyar sayar da takardun lamuni ga bankuna da asusun fansho da kamfanonin inshora da masu zuba jari na waje.

A ɓangaren kuɗi kuwa, da gangan aka nisanta ikon daga 'yan siyasa. A Birtaniya, a watan Mayun 1997 ne ministan kuɗi Gordon Brown ya miƙa wa Bankin Ingila ikon tsayar da kuɗin ruwa, dokar 1998 ta tabbatar da haka, aka kafa kwamiti mai mutum 9 wanda a yanzu yake zama sau 8 a shekara, kowa da ƙuri'arsa, ana kuma bayyana yadda kowa ya kaɗa. Abin da na daɗe ban lura da shi ba shi ne cewa 'yancin bai cika ta kowace fuska ba. Gwamnati ce take faɗin inda za a nufa, wato hauhawar farashi ta tsaya a kashi 2 cikin 100, banki kuma shi ne yake zaɓar hanyar isa can. Idan hauhawar ta kauce da fiye da maki ɗaya, wato ta haura kashi 3 ko ta gaza kashi 1, dole gwamnan banki ya rubuta wa ministan kuɗi wasiƙa a bainar jama'a ya bayyana dalili da abin da zai yi. Hikimar wannan tsari ita ce ɗaga kuɗin ruwa magani ne mai ɗaci wanda amfaninsa yake zuwa a makare, kuma wanda zaɓe yake gabansa da wuya ya yarda ya sha shi a kan lokaci.

Kayan aikin bankin ba su da yawa. Na farko shi ne kuɗin ruwan da yake biya a kan ajiyar da bankunan kasuwanci suke da ita a wurinsa. Babu bankin da zai ba wani rance a ƙasa da abin da zai samu idan ya bar kuɗinsa a babban banki ba tare da wata kasada ba, saboda haka wannan adadi ɗaya yake zama tubalin da ake ɗora sauran kuɗin ruwa a kansa, tun daga rancen kwana ɗaya tsakanin bankuna har zuwa bashin sayen gida. Na biyu shi ne saye da sayar da takardun lamunin gwamnati a kasuwa: idan ya saya, ya zuba sabon kuɗi ya kuma sauko da kuɗin ruwa na dogon zango, idan ya sayar, ya tsotse kuɗin. Bankin Ingila ya tara takardu da suka kai fam biliyan 875 ta wannan hanya tsakanin 2009 da ƙarshen 2021. Wasu ƙasashen suna ƙarawa da wajabta wa bankuna ajiye wani kaso na kuɗin masu ajiya a babban banki, ko da yake Amurka ta mayar da nata kason sifili a watan Maris na 2020. Sai kuma magana, wato abin da banki yake faɗa game da inda ya dosa, wadda sau da yawa takan motsa kasuwa tun kafin a taɓa komai.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis, 22 ga Satumba, Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa da rabin maki zuwa kashi 2.25, ya kuma tabbatar da cewa zai rage takardun lamunin da ke hannunsa da fam biliyan 80 cikin shekara guda. Hauhawar farashi a lokacin tana kusa da kashi 10, wato ninki biyar na abin da aka ɗora masa, saboda haka manufarsa ita ce ya rage zafin buƙata a tattalin arziki. Washegari, Juma'a 23 ga wata, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya tsaya a majalisa ya sanar da rage haraji na kimanin fam biliyan 45 a shekara. Ya soke matakin kashi 45 da ake karɓa daga masu babban albashi, ya fasa ɗaga harajin kamfanoni daga kashi 19 zuwa 25, ya janye ƙarin da aka yi wa gudummawar inshorar ƙasa. Wannan kuwa ƙari ne a kan tallafin makamashi mai tsada da gwamnatin ta riga ta yi alkawari. Bai faɗi inda za a rage kashewa ba, kuma bai zo da hasashen ofishin nan mai zaman kansa da aka kafa a 2010 don tantance lissafin kasafi ba.

A yammacin ranar na rubuta rahotona yadda aka koya mini. Na ce rage haraji zai bar kuɗi a hannun jama'a da kamfanoni, za su ƙara kashewa, abin da wani ya kashe zai zama kuɗin shigar wani, a haka bunƙasa za ta ƙaru a shekara mai zuwa. Labarin banki kuma na sa shi a wani sashe dabam, ƙarƙashin nasa kanun, kamar labarin wata ƙasa. Shugabar sashenmu, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana cinikin takardun lamuni kafin ta koma bincike, ta karanta shafin farko, ta ɗauki biro ta ja layi daga sashen kasafi har zuwa sashen banki, sannan ta ajiye takardar a gabana.

Ta ce, "Malam, wa zai ba su rancen nan, kuma a kan nawa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, kasuwa ce za ta ba su, kamar yadda aka saba."

Ta ce, "Babban mai sayen takardunsu na shekara goma sha uku jiya ya ce ya koma mai sayarwa. Yau kuma sun ce za su ƙaro wasu takardun. Je ka sake lissafi."

Wannan layin da ta ja shi ne darasin. Baitulmali da babban banki kowa da ofishinsa da dokarsa, amma akwai kasuwa ɗaya da dukansu suke shiga, ita ce kasuwar takardun lamunin gwamnati, kuma akwai farashi ɗaya da dukansu suke taɓawa, shi ne kuɗin ruwan da gwamnati take biya idan ta ci bashi. Baitulmali ne yake ƙayyade yawan takardun da za su fito. Banki ne yake ƙayyade tubalin kuɗin ruwa, shi ne kuma yake iya zama babban mai saye ko babban mai sayarwa. Wanda ya karanta matakin ɗaya bai tambayi yadda ɗayan zai mayar da martani ba, ya yi lissafin dokin rano.

Domin a ga yadda abin yake aiki, sai an riƙe wata ƙa'ida guda, wato farashin takardar lamuni da ribar da take bayarwa kishiyoyin juna ne. A ɗauki misali mai sauƙi na takarda da take biyan fam 4 kowace shekara ba tare da ranar ƙarewa ba. Idan masu zuba jari sun gamsu da ribar kashi 4, za su saye ta a kan fam 100. Idan suka ce sai kashi 5, takardar ba za ta ƙara abin da take biya ba, fam 4 ɗin nan ne dai, saboda haka farashinta ne zai sauka har sai fam 4 ya zama kashi 5 na abin da aka biya, wato fam 80. Ƙarin maki ɗaya tak ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na darajar takardar. Takarda mai shekara 30 ba ta kai wannan faɗuwa ba amma ta kusa, mai shekara 2 kuwa da ƙyar za ta girgiza. Shi ya sa masu riƙe da takardun dogon zango su ne suke fara jin zafi.

Masu saye sun yi lissafi iri biyu a lokaci guda. Na farko, takardu za su yi yawa a kasuwa, don haka sai an ƙara riba kafin su karɓa. Na biyu, wanda ya fi nauyi a ganina, shi ne idan gwamnati ta zuba ƙarin buƙata a tattalin arzikin da farashi yake tashi da kashi 10, banki ba shi da zaɓi sai ya ɗaga kuɗin ruwa fiye da yadda ya yi niyya, domin alhakin kashi 2 yana wuyansa har yanzu. Ma'ana, abin da ragin haraji ya sa a aljihun mutum, ƙarin kuɗin ruwa zai zo ya zare shi ta bashin gida da bashin kasuwanci. Cikin 'yan kwanaki ribar takardun shekara 30 ta tashi da fiye da maki ɗaya har ta haura kashi 5. Ranar Litinin, 26 ga wata, fam ya faɗi ƙasa da dala 1.04, abin da bai taɓa yi ba a tarihi. Bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsaren bashin sayen gida daga kasuwa saboda sun kasa sanin farashin da za su sa.

A nan na koyi wata alama da har yau nake amfani da ita. A ƙasa mai ƙarfin tattalin arziki, idan ribar takardun gwamnati ta tashi, kuɗin ƙasar yakan ƙara daraja, domin masu jari daga waje suna shigowa neman ribar. Idan aka ga ribar tana hawa, kuɗin ƙasar kuma yana faɗuwa a lokaci guda, to ba bunƙasa ake hange ba, ladan kasada ake nema. Mutane suna sayar da takardun da kuɗin gaba ɗaya suna ficewa. Da na san wannan a yammacin Juma'ar, da allon da ke gabana ya isa ya gaya mini cewa rahotona bai yi daidai ba, domin tun kafin a tashi daga kasuwa layukan biyu sun riga sun rabu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Abin da ya mayar da tangarɗar rikici ya fito ne daga inda ba kowa yake kallo ba, wato asusun fansho. Da yawansu sun yi amfani da wani tsari na riƙe takardun dogon zango da kuɗin aro, domin dukiyarsu ta riƙa tafiya daidai da alkawuran da suka ɗauka na biyan 'yan fansho shekaru masu zuwa. A ƙaddara asusu yana da fam 100 nasa, ya aro 200, ya riƙe takardun fam 300 waɗanda su ne jinginar bashin. Idan farashin takardun ya faɗi da kashi 15, an yi asarar fam 45, kusan rabin jarinsa, mai ba da rance kuma zai ce a kawo ƙarin jingina yau ko gobe, da tsabar kuɗi. Hanyar da ta fi sauri ta samun tsabar ita ce sayar da takardun. Sayarwar takan ƙara karya farashi, karyewar ta jawo sabon kiran jingina, a sake sayarwa. Asusun ba su talauce ba idan aka duba dogon lissafi, domin tashin kuɗin ruwa yana rage nauyin alkawuransu na gaba, tsabar kuɗi ce suka rasa a ranar da aka nema.

Ranar Laraba, 28 ga Satumba, Bankin Ingila ya sanar da cewa zai sayi takardun dogon zango har na fam biliyan 5 a kowace rana, na kwanakin aiki 13, zuwa 14 ga Oktoba, ya kuma ɗage fara sayar da nasa. A ranar ribar takardun shekara 30 ta sauko da fiye da maki guda. Na shiga ofishin shugabarmu ina cewa ai shi ke nan, banki ya miƙa wuya, ya koma buga kuɗi don ya rufa wa gwamnati asiri. Ta ce kada in yi gaggawar yanke hukunci, kayan aiki ɗaya yana iya yin ayyuka biyu, kuma ba da kamanninsa ake gane wanne yake yi ba, sai da sharuɗɗansa. Ta ce in duba ko an sa ranar ƙarewa, ko an taɓa kuɗin ruwa, da kuma abin da za a yi da takardun bayan ƙura ta lafa.

Na bi waɗannan tambayoyi makonni da dama, kuma amsoshinsu sun zo ɗaya bayan ɗaya. Ranar ƙarewa ta tabbata: a 11 ga Oktoba gwamnan banki Andrew Bailey ya faɗa wa asusun a fili, daga birnin Washington, cewa kwana uku suka rage musu su daidaita al'amuransu, aka kuma rufe shirin a ranar da aka ambata. Abin da aka saya gaba ɗaya fam biliyan 19.3 ne, ƙasa da sulusin abin da aka ba da dama tun farko, domin sanin cewa akwai mai saye ya isa ya tsayar da gudun. Kuɗin ruwa bai sauka ba, hasali ma a 3 ga Nuwamba an ɗaga shi da kashi uku cikin huɗu na maki zuwa kashi 3. Takardun da aka saya kuma an mayar da su kasuwa kafin ƙarshen Janairun 2023. Saboda haka matakin na kare tsarin hada-hadar kuɗi ne daga rushewa, wanda shi ma nauyi ne da doka ta ɗora wa bankin, ba sassauta manufar kuɗi ba ne. Baitulmali ya ɗauki lamunin duk asarar da za ta iya biyo baya, wannan kuma ya ƙara nuna mini cewa ko a lokacin da banki yake aiki da ikonsa, aljihun gwamnati ne a bayansa.

Da banki ya ƙi sassautawa, ɓangaren kasafi ne ya ja da baya. A 3 ga Oktoba aka fasa soke matakin kashi 45, a 14 ga wata aka sauke ministan, a 17 ga wata wanda ya gaje shi, Jeremy Hunt, ya janye mafi yawan abin da ya rage, a 20 ga wata firaminista Liz Truss ta sanar da murabus. Ba na so a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa rage haraji laifi ne ko cewa giɓin kasafi kullum haɗari ne. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Birtaniya ta ci bashin da ya ninka wannan sau da dama, kuɗin ruwa bai tashi ba, domin tattalin arziki yana kwance, hauhawar farashi tana ƙasa da kashi 2, banki ya sauko da kuɗin ruwa zuwa kashi 0.1 yana kuma sayen takardu. A wancan lokaci akalar biyu gefe ɗaya suke ja. Tasirin matakin kasafi ya dogara ne da halin da tattalin arziki yake ciki da kuma abin da banki zai yi a kai, kuma littafin da na karanta ya faɗi haka a wani babi, ni ne ban haɗa babin da na gabansa ba.

Bayan wannan sai na koma neman misalin da abin ya juya, inda banki ne ya bi bayan baitulmali, domin in san yadda hakan yake kama. Na same shi a Amurka. A 1942, saboda yaƙi, babban bankin ƙasar ya amince ya danne kuɗin ruwan takardun gwamnati na dogon zango kada ya wuce kashi 2.5. Cika irin wannan alkawari yana nufin banki ya sayi duk takardar da kasuwa ta ƙi a wannan farashi, ko nawa ne, da sabon kuɗi. Daga ranar, yawan kuɗin da ke yawo ya fita daga hannun banki ya koma hannun mai tsara giɓin kasafi. An gama yaƙi amma baitulmali bai so a saki ba, domin bashin ya yi yawa kuma araha tana da daɗi. Sai da farashi ya sake tashi da yaƙin Koriya, aka kai ruwa rana tsakanin gwamnatin Harry Truman da bankin, kafin a cimma yarjejeniyar watan Maris na 1951 wadda ta mayar wa banki ikonsa. Irin wannan tarihi ne ya sa yarjejeniyar Tarayyar Turai ta haramta wa babban bankinta ba gwamnatoci rance kai tsaye ko sayen takardunsu a ranar da aka fitar da su.

Ina ganin a nan ne ainihin iyakar 'yancin banki take, kuma lissafi ne yake shata ta fiye da doka. A ƙaddara bashin wata gwamnati ya kai daidai da abin da ƙasar take samarwa a shekara. Duk ƙarin maki ɗaya a kuɗin ruwa, idan ya daɗe har tsofaffin takardu suka ƙare aka sabunta su, zai ƙara wa kasafi nauyin kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa kowace shekara. Idan bashin na gajeren zango ne, nauyin yakan iso cikin watanni, idan na dogo ne, yakan ɗauki shekaru. Gwamnatin da ba ta shirya ƙara haraji ko rage kashewa don ɗaukar wannan nauyi ba, za ta cike shi da sabon bashi, a ƙarshe kuma matsin ya dawo kan banki ya sassauta. Saboda haka bankin da yake yaƙi da hauhawar farashi yana buƙatar baitulmalin da zai biya kuɗin yaƙin, ko da kuwa doka ta ce babu mai ba shi umarni.

Akwai kuma bambancin lokaci, wanda shi ne ya fi rikita masu fara rubutu irina. Kwamitin banki yana iya yanke shawara a zama ɗaya ta fara aiki nan take, amma cikakken tasirinta a kan farashin kaya yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, domin sai bashin mutane ya zo sabuntawa, kamfanoni sun sake tsarin jarinsu. Kasafi kuwa yakan daɗe a majalisa ana ja-in-ja, amma ranar da kuɗin ya shiga asusun mutum ya fara aiki. Wani sashe nasa ma ba ya jiran kowa: idan kasuwa ta mutu, harajin da ake tarawa yakan ragu da kansa, tallafin marasa aikin yi ya ƙaru da kansa, giɓi ya faɗaɗa ba tare da minista ya buɗe baki ba. Na sha ganin rahotannin da suke ɗora wa gwamnati laifin almubazzaranci saboda giɓi ya ƙaru a shekarar koma-baya, alhali babu sabuwar doka ko ɗaya da aka yi. Kafin in ce manufar kasafi ta sassauta, yanzu sai na ware abin da yanayi ya jawo daga abin da aka zaɓa da gangan.

Rahoton Juma'ar nan na sake rubuta shi a daren, ya fita ranar Litinin da sashe ɗaya maimakon biyu. Tun daga lokacin na sauya yadda nake buɗe aikin kowane mako. A shafin farko na littafina nakan rubuta kwanakin zaman kwamitin babban banki da kwanakin gwanjon takardun lamuni da ranar gabatar da kasafi a jere ɗaya, ƙarƙashinsu kuma in sa ribar takardun shekara 2 da ta shekara 30 da darajar kuɗin ƙasar. Ta shekara 2 tana gaya mini abin da kasuwa take zaton banki zai yi, ta shekara 30 tana gaya mini yadda aka yarda da baitulmali, darajar kuɗin kuma ita take raba gardama idan biyun suka tashi tare. A bara an kawo mana sabon ma'aikaci, rahotonsa na farko ya zo mini da kasafi a shafi na ɗaya, banki a shafi na uku, sai na ɗauki biro na ja masa layi daga wannan zuwa wancan, na tambaye shi wanda zai ba da rancen da kuma a kan nawa.